Laraba: murhun gas na gwanjo da hoton bayansa

Da hantsi ƙanwata ta turo mini hoton murhun gas mai kai huɗu da ta saya a wurin masu kayan gwanjo, ta rubuta cewa, "Yaya, wace regileta zan saya masa?" Hoton gaban murhu ne, kuma gaba ba ya nuna komai sai sunan kamfani, alhali kamfani ɗaya yana ƙera samfura masu kama da juna waɗanda aka saita wa gas iri daban-daban. Na ce ta janye shi daga bango, ta ɗauki hoton ƙaramar takardar da ke manne a bayansa.

A takardar na ga lambar samfurin, sannan na ga abin da nake tsoro: an saita murhun a kan G20, 20 mbar, mbar kuwa ma'aunin matsin gas ne. G20 alama ce ta gas ɗin bututu da ake ja zuwa gidaje a Turai, shi kuwa wanda muke ɗurawa a silinda yana ƙarƙashin G30 da G31, kuma yana buƙatar ƙaramin ramin fita saboda ya fi ƙarfin zafi. A irin wannan murhu, ramin nozul, wato ɗan bakin da gas ke fitowa ta cikinsa, na babban kai yakan wuce milimita 1, na gas ɗin silinda kuwa kusan 0.85 ne. Idan aka haɗa murhun da silinda yadda yake, wuta za ta tashi doguwa, rawaya, ta baƙanta gindin tukunya, kuma ƙonewar da ba ta cika ba tana fitar da iska mai guba a kicin. Babu regiletar da za ta gyara wannan. Abin da ya kwantar mini da hankali shi ne layi na biyu, inda aka rubuta G30, 28-30 mbar, wato murhun zai karɓi gas ɗinmu idan ƙwararren mai gyara ya canja nozul ɗin duka, har da na oben, ya kuma daidaita ƙaramar wuta.

Daga nan muka koma kan silinda. Regileta mai dannawa tana zuwa da baki mai faɗi daban-daban, kamar milimita 20 ko 22, bambancin da ido ba ya kamawa a hoto, don haka na sa ta auna bakin bawul ɗin da rula. Ya ba da 20.

Na rubuta mata ta nemi mai ƙaramin matsi, 30 mbar, baki 20, kuma kada ta karɓi mai babban matsi irin ta masu tuya a kasuwa, ko da mai shago ya ce ta fi ba da wuta. Mai gyaran zai zo ranar Asabar, kuma na roƙe ta kada a kunna ashana sai an shafa ruwan sabulu a mahaɗar tiyo da regileta an tabbatar babu kumfar da ke tasowa.