Kano zuwa Legas a motar gida, Lakwaja nake yada zango

Duk mai ce maka ya tashi Kano da asuba ya kwana Legas, ka bar shi da labarinsa, ni dai kwana biyu nake yi. Tafiyar ta haura kilomita 1000, kuma ba tsawon ne kaɗai ba, ga ramuka ga shingen jami'ai ga tireloli. Ta Jebba ta fi kusa amma saboda halin da Birnin Gwari ke ciki ta Abuja nake bi, Zariya, Kaduna, Abuja, Lakwaja, wajen kilomita 600 kenan ranar farko, kuma da kyar nake isa kafin magariba in aka samu goslo.

Awa takwas zuwa tara a kan sitiyari shi ne iyakata a rana. Duk bayan awa biyu nakan sauka in miƙe ƙafa ko da minti goma ne, sallah ma na taimakawa, amma bayan azahar in ka cika ciki da tuwo to barci na nan tafe, alamarsa ka wuce gari ba ka san ka wuce ba ko ka ji taya na taka gefen kwalta. In na ga haka fakawa nake, goro ba ya maganinsa.

Mai kuwa Corolla ce da ni, tankinta lita 50, da kaya da iyali da AC tana ba ni kamar kilomita 12 a lita, a lissafi ya kai ni Lakwaja amma ba na yarda da lissafin, allura na sauka rabi nake cikawa, a Kaduna sannan Gwagwalada, a babban gidan mai inda motocin haya ke layi. Ban da man bumburutu.

Bakanike nake kai wa motar kwana uku kafin tafiya, don in an taɓa wani abu ya nuna kansa a cikin gari. Birki, baƙin mai, fanbel, ruwan lagireto, sai taya, wadda ita ce aka fi rainawa. A jikinta akwai lamba huɗu, in ka ga 2319 an yi ta a sati na 23 na shekarar 2019, ta tsufa ko zanenta na nan raɗau, zafin kwalta ne zai fasa ta. Iska da safe ake aunawa taya na sanyi, har da safaya, kuma ka gwada jak da hannunka.

Washegari in gari ya waye tangaran nake kama Okene, Owo, Akure, Ife, Ibadan. Kwanonin Okene ba wajen obatekin ba ne wallahi. Da damina kuma sai na kira direbobin tasha na ji labarin Koton Karfe, da ke tsakanin Abuja da Lakwaja, kafin in taso daga Kano, a 2022 ambaliya ta shanye titin nan motoci suka yi kwanaki a tsaye.