Tambayar da ta tsayar da ni ranar difens

Ranar da na kare tsarin binciken digirina na biyu a fannin harhaɗa magunguna, babin da na fi natsuwa da shi shi ne na adadin mutanen da zan ɗauka. Binciken a kan masu hawan jini ne: rukuni ɗaya za a riƙa zama da su ana yi musu bayanin magani, a bi su da kiran waya har wata shida, ɗaya rukunin kuma ya ci gaba da zuwa asibiti yadda ya saba. A ƙarshe a gwada awon jininsu na sama. Na buɗe manhajar lissafi ta G*Power, na zaɓi gwajin t na rukuni biyu, na sa 0.05 a matsayin kuskuren da zan lamunta, 0.80 a matsayin ƙarfin gwaji, wato damar gano bambanci idan yana nan, a gidan `Effect size d` kuma na rubuta 0.5. Manhaja ta ba ni mutum 64 a kowane rukuni, jimilla 128. Har hoton allon na manna a takarda.

Wani dattijon farfesa a cikin alƙalan bai taɓa lissafin ba. Ya cire tabarau, ya ɗora yatsa a kan lambar, ya ce: "'Yata, wannan 0.5 ɗin, idan kika ɗaura wa mutum abin awo a hannu, nawa ke nan?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, matsakaicin tasiri ne, yadda Cohen ya kasa."

Ya ce, "Na san Cohen. Ni ma'aunin jini nake tambayarki."

Ban da amsa. A cikin raina kuma na san dalili: sai da na gwada 0.3, na ga 176 a kowane ɓangare, na ga ba zan iya ba, sannan na koma 0.5 saboda 128 ya yi daidai da aljihuna da lokacina. Wato daga amsa na faro na dawo wa tambaya. Aka ba ni mako uku in gyara.

Abu na farko da na gane shi ne wannan d ɗin rabo ne kawai. Bambancin da ake tsammani tsakanin rukunan biyu ake rabawa da gwargwadon warwatsuwar awon a tsakanin mutane, abin da manhajoji ke nunawa da SD. Jacob Cohen, a littafinsa na 1988, ya kira 0.2 ƙarami, 0.5 matsakaici, 0.8 babba, amma shi da kansa ya ce a nemi waɗannan lambobi ne idan babu wata madogara da ta fi su. Ni kuwa madogarata tana nan cikin katunan marasa lafiya, ban duba ba.

Da izinin asibitin da zan yi aikin, na zauna ɗakin ajiyar kati kwana huɗu ina kwafe awon jini ba tare da suna ba. Warwatsuwar ta fito wajen 20 mmHg, domin akwai mai 140, akwai mai 190. Na ninka 0.5 da 20, sai ga 10. Ashe abin da na sa wa hannu a takarda shi ne cewa bayani da kiran waya za su sauke jinin mutane da 10 mmHg fiye da na waɗanda su ma suna shan maganinsu. Da haka aka rubuta shi tun farko, da ni kaina ban yarda ba.

Daga nan tambayar ta sauya. Na daina neman girman tasirin da nake fata, na koma neman mafi ƙanƙantar bambancin da zai sa asibiti ya ware ma'aikaci da kuɗin kira. Na zauna da likitoci biyu da babbar nas ta sashen. Nas ɗin ta ce in dai bai kai biyar ba, ba za ta iya raba ma'aikaciya da layin marasa lafiya don ta zauna buga waya ba. Likitocin suka amince cewa saukar 5 mmHg a jimillar marasa lafiya abu ne mai amfani. Biyar a raba da ashirin, d ya zama 0.25. Na sake lissafin adadin mutanen a manhajar R:

```r
library(pwr)
pwr.t.test(d = 0.25, sig.level = 0.05, power = 0.80)
```

Amsar ta fito 252.13, wato 253 a kowane rukuni, jimilla 506. Na rage tasirin da rabi, adadin mutane ya ninka sau huɗu, saboda a ƙa'idar d yana ninka kansa ne a ƙasan layi. Akwai lissafin ka da nake koya wa ɗalibai yanzu: a wannan ƙarfi da wannan matakin kuskure, a raba 16 da d sau d. Na 0.5 ya ba da 64, na 0.25 ya ba da 256, dab da abin da manhaja ta ce.

Abin da ya fi tayar min da hankali shi ne da na juya lissafin. Idan gaskiyar bambancin 5 mmHg ne kuma na tsaya a kan 64, ƙarfin gwajina bai cika kashi 30 cikin ɗari ba. Sau bakwai cikin goma zan rubuta cewa ba a ga bambanci ba, alhali yana nan. Mutum 128 su yi wata shida suna biyan kuɗin mota suna amsa kirana, sannan in ba asibiti hujjar watsi da abin da ke aiki. Wannan haƙƙin mutane ne, ya wuce maganar maki.

To, 506 ta fi ƙarfina, kuma ba zan koma in kumbura d ba. Malamin da ke duba aikina ya nuna min wata hanya ta halal. Tunda zan auna jinin kowa a ranar farko, zan iya sa wannan awon cikin nazarin ƙarshe, ya ɗauke wani kaso na warwatsuwar. Ana ninka adadin da 1 − r², inda r ke nuna yadda awon farko da na ƙarshe ke tafiya tare. A katunan waɗanda suka zo sau biyu na sami abin da ya ɗan haura 0.5, na tsaya a 0.5 don kada in yaudari kaina. Sai 253 ta sauko 190. Na kuma ƙiyasta cewa ɗaya cikin goma zai ɓace, wani ya yi tafiya, wani layinsa ya daina shiga. A nan ana yawan kuskure: ba ƙara kashi goma ake yi ba, rabawa ake da 0.9. Ya zama 212 a kowane ɓangare, jimilla 424. Dole na ƙara asibiti na biyu, na kuma tsawaita lokacin ɗaukar mutane da wata uku.

A sabon babin na rubuta inda 20 ta fito, da waɗanda suka tsayar da 5 da dalilinsu, na kuma sa ɗan jadawali mai nuna adadin idan bambancin 4 ne ko 6. Na faɗi a fili cewa tasirin da bai kai biyar ba yana iya kuɓuce wa binciken.

Da na mayar wa farfesan takardar a ofishinsa, ya bi jadawalin da bironsa layi bayan layi, ya tsaya a kan 0.5 na r. Ya ce, "Wannan fa, daga kati nawa?" Na buɗe littafina na nuna masa. Ya duba, ya gyaɗa kai, ya sa hannu a shafin farko.