Kuɗin da ke bin riga da kuɗin da ke zaune a shago

Ƙaramin shagon ɗinki nake da shi: kekuna huɗu, teloli biyu da ake biya bisa abin da suka ɗinka, yaro ɗaya mai guga da shara da ke karɓar albashi a wata, sai ni da ke yanka da karɓar masu kawo aiki. Duk kuɗin da ya fita daga shagon nan, a littafina gida biyu yake shiga, kuma tambaya ɗaya ce ke raba su: zan iya ɗaga riga guda in ce wannan kuɗi a kanta aka kashe shi? In zan iya, kuɗin kai tsaye ne. In kuwa dukan aikin shago ne ya ci moriyarsa, ba riga ɗaya ba, to ya shiga gidan waɗanda ba na kai tsaye ba, wanda ni nake kira kuɗin shago.

Na kai tsaye ba su da wuyar ganewa. Yadi, shafi, zif, maɓalli da ladan telan da ya zauna a kan keke ya haɗa rigar, duk suna bin ta, in ba a ɗinka ta ba ba za su fita ba. Bari in yi misali da lambobin da na daidaita don sauƙin lissafi, kowa ya sa nasa a gurbinsu. Riga mai kwala tana cin yadin 3,000, maɓalli da abin ƙarfafa kwala 500, ladan tela 1,500, jimla 5,000. Kwat mai shafi kuwa yadinsa 12,000, shafi da maɓalli 3,000, ladan tela 6,000, jimla 21,000.

Inda teloli da yawa ke tsayawa ke nan. Sai ka ji an ce an sayar da kwat 24,000, an ci ribar 3,000. Haya kuwa tana can tana jira.

Ga kuɗin shago na wata guda. Haya 60,000, kuma ko da ta shekara ake biya gaba ɗaya, raba ta ake yi gida 12 kowane wata ya ɗauki nasa. Wuta da man janareta 45,000. Albashin mai guga 40,000. Zare, allura, alli da man keke 15,000. Gyaran keke 8,000. Sai abin da kusan kowa ke mantawa da shi saboda babu mai zuwa karɓarsa a ƙarshen wata, wato tsufan kekuna. In kekunan huɗu sun ci 720,000 kuma ana sa ran su yi shekara 5 suna aiki, wata 60 ke nan, to kowane wata suna cin 12,000 a ɓoye. An haɗa duka, 180,000.

Mai lura zai ce ai zare a jikin riga yake, me ya kai shi cikin kuɗin shago? Gaskiyarsa. Amma ƙullin zare ɗaya yana ratsa riguna da yawa, kuma lokacin da za a ɓata wajen auna abin da kowace ta ci ya fi zaren tsada, shi ya sa ake jefa shi cikin na gama-gari. Sai dai in aiki ne da aka saya wa zare na musamman, launin da ba za a sake amfani da shi ba, to wannan a kan aikin nake rubuta shi. Haka ma ladan ma'aikaci: telan da ake biya a kan kowace riga na kai tsaye ne, mai guga da albashinsa ba ya canzawa ko riga goma ya goge ko ɗari na shago ne. Kada kuma a ɗauka duk kuɗin shago a tsaye yake. Wuta tana hawa in aiki ya yi yawa, amma tun da babu mita a jikin kowace riga, tana nan a gidansu.

Babban aikin shi ne raba 180,000 ɗin nan a kan abin da aka ɗinka. A ce a watan an fitar da riga 60 da kwat 30, guda 90 ke nan. Hanya mafi sauƙi a raba daidai wa daida, kowane ya ɗauki 2,000. Da wannan lissafi riga ta tsaya a 7,000, kwat a 23,000. In ana sayar da riga 6,800 sai a ga kamar asara ake yi a kanta, kwat na 24,000 kuma a ga yana kawo ribar 1,000. Mai shago sai ya fara ƙin karɓar riguna yana neman aikin kwat.

Amma riga awa 2 take yi a hannun tela, kwat awa 8. Duk tsawon awa takwas ɗin nan keke yana gudu, wuta tana ci, wurin da aka biya wa haya a tsare yake. Don haka ni da awa nake rabawa. Riga 60 sun ci awa 120, kwat 30 sun ci 240, jimla 360. A raba 180,000 gida 360, kowace awa ta ɗinki tana ɗauke da 500. Riga ta ɗauki 1,000 ta tsaya a 6,000, kwat ya ɗauki 4,000 ya tsaya a 25,000. Ashe rigar da ake gudu ita ce ke kawo ribar 800, kwat ɗin da ake rububi kuwa kowane guda yana fita da asarar 1,000. Kuɗin da aka kashe a watan bai ƙaru ba bai ragu ba, wanda aka ɗora wa nauyin ne ya canza. Alamar wannan ciwo a shago sananniya ce: kekuna ba sa hutawa, manyan ayyuka na shigowa, amma ranar biyan haya sai an yi ciko daga aljihu.

Wanda ya kawo yadinsa ma kan rikita lissafi. Kuɗin yadi ya fita daga na kai tsaye, amma awannin suna nan. Mai kwat da ya zo da yadinsa har yanzu sai an kashe masa 9,000 na shafi, maɓalli da lada, ga 4,000 na shago, don haka duk abin da aka karɓa ƙasa da 13,000 ragi aka yi masa ba tare da an sani ba. Mai shago kuma, in shi ke yanka, ya sa wa yankan lada a kan kowane aiki, lokacin da yake ɓatawa wajen awo da sayayya kuma ya shiga kuɗin shago. Ban sa nawa a misalin nan ba don kada lambobi su yi yawa, amma a littafin gaske yana ciki.

Wannan 500 ɗin ba ta zama wuri ɗaya. A watan da aiki ya ja baya, a ce awa 240 kawai aka yi, kuɗin shago ba ya saukowa sosai, wataƙila mai da zare su ragu ya dawo 168,000, sai kowace awa ta koma 700. Ba na ƙara wa mutane kuɗi saboda haka, don yin hakan a lokacin da kasuwa ta yi sanyi korar sauran ne. Da matsakaicin awannin shekara nake tsayar da kuɗin awa, watanni masu albarka su rufe marasa ita. A irin wannan wata, in aka zo da odar riguna a 5,600 kuma keke na zaune, nakan karɓa, domin ta biya 5,000 ɗinta ta bar 600 a kan hayar da ko an ɗinka ko ba a ɗinka ba sai an biya. A watan da kekuna suka cika kuwa ba na taɓa ta, tun da awa biyun da za ta ci akwai mai biyan 6,800 da ke jiran su.