Agogonmu ne bai motsa ba, amma mu aka ce mun makara

Sanyin Toronto na iya da shi, da duhun da ke rufe gari tun ƙarfe biyar na yamma a Disamba. Abin da har yanzu yake ci min tuwo a ƙwarya wata dariya ce da aka yi a ofishinmu ranar Talata 11 ga Maris 2025.

Muna da taron bidiyo duk Talata, mu na Toronto, da mutum biyu a Landan, da wani yaro mai ƙwazo da ke yi mana aikin kwangila daga Najeriya. Ni na kawo shi, don haka duk abin da ya taɓa shi ni ya taɓa. Da yake ba ma'aikacin kamfani ba ne, ba ya cikin kalandarmu. Saƙo kawai shugabar sashenmu ta tura masa tun Janairu, ta rubuta `9am EST`. Ya yi lissafinsa daidai: Toronto tana bayan agogon duniya na UTC da awa biyar, Najeriya tana gabansa da awa ɗaya, tazara awa shida ke nan, tara na safe ta zama uku na rana. Haka yake shigowa ƙarfe uku kowane mako, ko minti bai taɓa ƙarawa ba.

Ranar nan sai aka yi taro aka watse babu shi. Can ina haɗa takarduna sai ga saƙonsa, wai ya shiga bai tarar da kowa ba, lafiya? Wani abokin aiki ya leƙo allona, ya ce ai dama ya ji labarin yadda 'yan Afirka suke da lokaci. Aka kwashe da dariya. Na bi fuskokinsu da kallo, babu wanda ya tuna cewa shekaranjiya, Lahadi 9 ga wata, su ne suka tura agogonsu gaba da awa ɗaya. Wayoyinsu sun canza da kansu cikin dare suna barci, shi ya sa abin bai ma tsaya musu a rai ba.

Mu a Najeriya ba ma taɓa agogo, rani da damina UTC+1 muke. Toronto kuwa daga Lahadi ta biyu a Maris zuwa Lahadin farko a Nuwamba tana komawa UTC-4, sunan lokacin ma ya tashi daga EST ya koma EDT. Ke nan tara na safen Toronto ranar nan ƙarfe biyu ne a Najeriya. Kuma idan aka bi abin da aka rubuta masa baƙi-baƙi, yaron ne mai gaskiya, don tara na EST har gobe uku ne a wurinsa. Mutanen nan sun saba cewa EST shekara zagaye, su a nufinsu "agogon garinmu", ba su damu da wanne ake ciki ba. Bayan taro na sami shugabar na zana mata lissafin a takarda. Ta ce kash, haka ne fa, ta wuce. Mai dariyar nan har yau bai ce komai ba.

Na Landan ma taron ya matsa musu, daga biyu ya dawo ɗaya, sai dai su kalanda ta gyara musu. Birtaniya ba ta canza nata agogon sai Lahadin ƙarshe ta Maris, wato 30 ga wata a shekarar, don haka mako uku cur tazararsu da Toronto awa huɗu ce maimakon biyar. Da suka canza sai taronsu ya koma biyu kamar da. Na Najeriya kuwa ya zauna a ƙarfe biyu har Nuwamba. A kaka ma ana samun irin wannan giɓin na mako ɗaya, don Birtaniya tana riga komawa a Lahadin ƙarshe ta Oktoba.

Tun daga lokacin na karɓe tura gayyatar taron nan da kaina, ba wanda ya sa ni. Na daina rubuta gajerun haruffan nan kwata-kwata, don ko IST kaɗai tana iya zama agogon Indiya, ko na Isra'ila, ko na Ayilan. Sunan gari nake sawa, da lokacin kowa a jere, da ranar mako, da sunan wata a rubuce:

```
Talata 18 Maris 2025
09:00 Toronto / 13:00 Landan / 14:00 Legas
```

Sunan watan yana da dalili. Idan ka rubuta 03/04, Ba'amurke zai karanta 4 ga Maris, mu da Turawan Ingila mu karanta 3 ga Afrilu, a Kanada kuwa duka biyun suna yawo a takardu. In dole sai lambobi, to shekara a gaba, sai wata, sai rana, kamar 2025-04-03. Ranar makon ita ce ke tona kuskure: wanda ya juya wata da rana zai duba ya ga ba ta faɗa Talata ba, sai ya tambaya.

Amma kalandar ma ba ta raba gardama. Taron da ke maimaituwa tana ɗaure shi ne da agogon yankin da aka zaɓa lokacin ƙirƙirarsa. Aka ɗaure shi da `America/Toronto`, na Najeriya ne zai riƙa kai-kawo tsakanin biyu da uku. Aka ɗaure shi da `Africa/Lagos` a ƙarfe uku, to mutanen Toronto ne za su riƙa ganin tara da sanyi, goma da bazara. Dole wani ya motsa, kuma na lura kullum na nesa ake ɗora wa. Na taɓa kawo shawarar a juya, aka dube ni kamar na yi saɓo. Abin da na iya shi ne, mako guda kafin kowane canji, in tura wa kowa sabon lokacinsa.

Sai ga shi abin ya biyo ni har cikin dangi. Muna da kiran bidiyo na 'yan ɗakinmu duk ƙarshen wata. Yaya babba yana gida tare da Hajiya, ƙanwarmu tana aure a Jidda, inda suke UTC+3 kuma su ma ba sa canza agogo. Yaya shi ke sa lokaci, kuma rubutunsa bai wuce "Asabar da daddare in Allah ya kai mu" ba. Takwas ɗin darensa goma ce a Jidda, ni kuma biyu ko uku na rana, ina tsakiyar hidimar yara. Da na roƙa a bari sai na natsu, na ce bakwai na yammacin Juma'a agogona, ƙanwarmu ce ta tunasar da Yaya cewa a watan Janairu wannan ɗaya na daren da zai wayi Asabar ne a gida, ita kuma uku. Ranar ma ta canza, ba awa kaɗai ba.

Autanmu kuwa kwamfutarsa ta hannu ce, tsohon mai ita ya bar ta a kan agogon Landan. Daga ƙarshen Maris zuwa ƙarshen Oktoba Landan da Najeriya lokacinsu ɗaya, shi ya sa bai lura ba. Ana shiga Nuwamba kowace gayyata ta riƙa nuna masa awa ɗaya baya, yana zuwa ya zauna shi kaɗai yana jira. Na ce ya buɗe saitin lokaci ya karanta min abin da ya gani, muka mayar da shi Legas.

Hajiya ita ba ruwanta da wannan duka. Tana idar da sallar asuba take kirana, ni ko sha biyun dare ban daɗe da wucewa ba. "Kai ba ka tashi ba har yanzu?" Sai in ce, "Hajiya, nan dare ne, ban ma kwanta ba." Ta ce Allah ya kyauta, wace irin ƙasa ce wannan, sannan ta shiga ba ni labarin wa ya haihu, wa ya rasu. Yaya ya sha yi mata bayani, na ce masa don Allah ya daina, ya bar ta ta kira lokacin da ta ga dama.