Tambayar Bakwainin Da Ke Kayar Da Ɗalibai

Shekara goma sha ɗaya na yi ina aikin jinya a sashen yara kafin na buɗe wannan ƙaramar cibiya ta shirya ɗaliban jinya wa jarrabawa. Mu uku ne kawai, kuma kowace tambaya da muke bai wa ɗalibi da hannuna nake rubuta ta, in sake duba ta kafin ta fita.

Akwai tambayar da nake fara aji da ita kullum. An kawo jariri ɗan wata shida, an haife shi a mako na 32 na ciki. Yana riƙe wuyansa, yana dariya, yana kai hannu baki, amma bai fara zama ba. Me za ki ce wa uwarsa? Yawancin ajin sai su zaɓi amsar da ta ce girmansa ya yi jinkiri, don sun haddace cewa yaro na zama a wata shida. Sun manta bakwaini ne. Cikakken ciki mako 40 ne, shi kuwa ya zo saura mako takwas, wato kusan wata biyu. In an cire su, ɗan wata huɗu ne a wajen awo, kuma abin da yake yi daidai yake da ɗan wata huɗu. Wannan ragin ana yin sa har yaro ya kai kamar shekara biyu. Amma fa, kuma nan ne tarko na biyu, ba a yin sa wajen allurar rigakafi: ita da ranar haihuwa ake lissafa ta.

Ni ma ba a littafi na fara gane wannan ba. Ina sabuwar nas na taɓa ɗora nauyin wani bakwaini a katin awo, ɗigon ya faɗa can ƙasa, hankalina ya tashi. Babbar sistar da ke koya mana ta karɓi biro ta matsar da ɗigon baya da wata biyu, sai ga shi kan layi. Abin da ta ce kawai shi ne, "Ƙanwata, ki riƙa tambayar makon haihuwa kafin ki taɓa sikeli."

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne masu kwafe tambayoyinmu su sayar da arha. Su ɗauki tambayar, su yar da bayanin, wani lokaci har amsar su sauya. Na ga takardar da aka rubuta "zama: wata shida" kamar wa'adin biyan bashi. Alhali binciken Hukumar Lafiya ta Duniya, wanda ya fito tare da ma'aunin girma na 2006, ya nuna lafiyayyun yara na zama da kansu tun wajen wata huɗu har wata tara, tafiya kuma daga wata takwas har kusan sha takwas. Ɗalibar da ta haddace lamba ɗaya za ta tsorata uwa a banza, ta kuma bar abin tsoron na gaske ya wuce ta: yaron da ya iya abu ya daina, ko wanda ya fifita hannu ɗaya tun bai shekara ba, ko ɗan wata sha takwas da bai taka ba.

Nauyi ma haka. Jariri ya zo da kilo 3.2, a kwana na huɗu sikeli ya nuna kilo 3. Ya rasa giram 200, kashi shida da ɗoriya cikin ɗari. Ba a damuwa sai ragin ya haura kashi goma, wato giram 320 a wajensa, ko kuma mako biyu ya cika bai koma nauyin haihuwa ba. Daga nan ana sa ran ya ninka nauyinsa wajen wata biyar zuwa shida, ya ninka sau uku a shekara. Nakan sa ɗalibai su ɗiga awo uku a jere da fensir, don ɗigo ɗaya ba ya faɗin komai. Ƙaramin yaro da layinsa ke hawa a hankali ya fi kwantar da hankali a kan ƙato wanda layinsa ya kwanta wata biyu.

Wasu kan zo saura mako ɗaya jarrabawa, su ce, "Malama, ba mu amsoshin kawai." Ba na yi. Nakan miƙa musu tef ɗin awo da 'yar tsana, in ce su auna kai, tef ya bi saman gira da tudun ƙeya. Santimita 35 ne wajen haihuwa, kusan 46 a shekara. Wadda ta auna sau uku ta samu lamba uku daban, ita ce ke fara zama ajin gobe.