Suwaf ɗin da ya hana ni barci, yau dai lissafin ya fita

'Yan uwa, wallahi kwana uku ina fama da suwaf guda ɗaya a Excel, wato yarjejeniyar da ɓangare biyu ke musayar biyan kuɗin ruwa, sai daren jiya na gano inda na yi kwaɓa.

Atisayen kenan: uwar kuɗi dala miliyan 10, ni ke karɓar tsayayyen ruwa 4% a shekara, ina biyan mai sauyawa, biya duk wata shida. Saura wata 9 ya ƙare, wato biya biyu suka rage, ɗaya nan da wata 3 ɗaya nan da wata 9. Diskawun fakta, wato adadin da ake ninka kuɗin gaba da shi a samu darajarsa ta yau, 0.988 na wata 3 da 0.965 na wata 9.

Ɓangaren tsayayye bai ba ni wahala ba, 200,000 a biyan farko, 10,200,000 a na ƙarshe tare da uwar kuɗi, na dawo da su darajar yau na samu 10,040,600.

A mai sauyawar na faɗi. Na haddace cewa darajarsa daidai take da uwar kuɗi, sai kawai na rubuta miliyan 10 na debe, na ga ribar 40,600 har ina murna. Da na gwada ta hanyar fowad, wato hasashen ruwan da za a biya nan gaba, sai ga asara, kuma ba kaɗan ba, raina ya ɓaci sosai, na yi ta zargin fakta ina sake buga su alhali lafiyarsu ƙalau.

Ashe waccan maganar ranar da ake sabunta ruwa kaɗai take aiki. Mu kuwa muna tsakiyar zango ne, an riga an yanke ruwan zangon nan a 5% tun wata uku da suka wuce, ko kasuwa ta hau ko ta sauka 250,000 zan biya, ba canji. Sai an biya wannan ɗin sannan darajar ta koma miliyan 10, kuma ranar tana gaba da wata 3, to dole a haɗa su biyun a dawo da su yau:

```
=10040600-(10000000+250000)*0.988
```

Mai sauyawa 10,127,000, suwaf ɗin -86,400 a wajena. Ba ma adadi kaɗai na kuskure ba, har wanda ke bin wani na juya.

Na sake bi ta fowad don in tabbatar. Biyan farko ina asarar 50,000, a yau 49,400. Na biyu fowad ya ba da wajen 238,342, bambancinsa da 200,000 a yau 37,000. Jimla 86,400 cif. Alhamdulillah, daɗin da na ji ba a magana.

Amma fa wannan tsarin LIBOR ne, tsohon ma'aunin ruwa mai sauyawa, mai yanke ruwa a farkon zango, kuma da layin ruwa ɗaya na yi hasashe na yi ragi. LIBOR na dala an daina shi ƙarshen Yunin 2023, SOFR kuma da ya maye gurbinsa tara shi ake kullum sai ƙarshen zango a san adadin, to gurbin 250,000 ɗin nan a shit ɗina sai na rushe shi na sake gini, shi zan kama ranar Asabar.