Forfe ya ƙare, salula ta koma cin kiredi

Ƙannena, na daɗe ina zargin kamfanin waya da cinye mini kuɗi, ashe ɓarnar a hannuna take.

Wata Alhamis na zuba kiredin jika biyu a Kasuwar Dole. Na sayi forfe na mako mai jiga 1, sauran na bar shi don kiran Inna a ƙauye. Ranar Asabar da dare muna fada ana dafa shayi, na ce bari in gaishe ta, sai aka ce mini ba ni da kuɗin kira. Forfen ya ƙare tun da rana, saƙon gargaɗi ya shigo ban duba ba, konekson kuma a kunne. Sai salula ta ci gaba da ja daga kiredi, a farashin da ya fi na forfe tsada nesa ba kusa ba. Raina ya ɓaci ƙwarai, don Inna tana jiran kirana a daren nan.

Washegari wani abokina ya buɗe mini Paramètres, wurin da ake ganin megar da kowace manhaja ta ci. WhatsApp ne a sama. Ina cikin gurup wajen goma, na 'yan unguwa, na 'yan makaranta, na dangi, kuma duk bidiyon da aka turo yana sauka da kansa ko ban taɓa shi ba. Ku lissafa: bidiyo 20 masu mega 15 sun tashi mega 300, alhali jiga 1 in aka raba ta kwana 7, kusan mega 140 ke nan a yini. Play Store shi ma yana ta sabunta manhajoji ban sani ba.

A nan muka gyara. Cikin WhatsApp, ƙarƙashin Stockage et données, na cire saukar hoto da bidiyo ta konekson ɗin salula, na bar ta ga wifi kaɗai. Play Store ma haka. Sannan na sa wa salula iyakar mega 900, ba 1000 ba, domin lissafinta da na kamfani ba kullum suke zuwa daidai ba. In ta kai nan, da kanta take katsewa. Amma ku lura, yawanci wata-wata take ƙirga, don haka ranar da kuka sayi sabon forfe ku mayar da farkon lissafin zuwa wannan ranar.

Manyan abubuwa kuwa, darasin bidiyo ko sabunta manhaja, ina tara su sai na je inda ake da wifi. Kiredi kuma na daina barin shi zube. Da na zuba, nan take nake mayar da shi forfe na kira da na intanet, tun ban bar gaban mai sayarwa ba.